Tambari Biyu a Jikin Ƙunshin Gahawa

Gahawa, wadda mai shayi da abokan cinikinsa suka fi kira kofi, ba ta yi a ƙasar Hausa. Tana son tudu mai sanyi da inuwa da ruwan sama mai yawa, irin na kudancin Habasha da tsaunukan yammacin Kamaru da Amurka ta Tsakiya. Amma cinikinta ba zai yi wa Bahaushe wuyar fahimta ba, domin duk wanda ya taɓa ganin yadda buhun ridi ko na gyaɗa ke barin hannun manomi ya bi ta hannun dillali da ɗan kwamisho kafin ya kai gaɓar teku ya riga ya san rabin labarin. Abin da nake so mu duba a wannan rubutu shi ne ɗaya rabin, wato kalmomin da ake bugawa a jikin ƙunshin gahawa a kantunan Turai da Amurka don a kwantar wa mai saye da hankali. Biyu ne suka fi shahara. Ɗaya tambarin Fairtrade, wanda ma'anarsa cinikin adalci. Ɗayan kuma iƙirarin cewa an yi cinikin kai tsaye da manomi. Na daɗe ina sha'awar waɗannan kalmomi biyu, domin kowace daga cikinsu tana faɗin gaskiya, amma gaskiyar da take faɗi ta fi wadda mai saye ke ji ƙanƙanta.

Mu fara da na adalcin, tunda shi ne babba a shekaru. An haife shi a ƙasar Holan a 1988, da sunan Max Havelaar. Wani limamin coci ɗan Holan mai suna Frans van der Hoff, wanda ke zaune tare da manoman gahawa a jihar Oaxaca ta Meziko, shi da Nico Roozen suka yi tunanin a sa wata alama a jikin gahawar ƙananan manoma, don ta shiga manyan kantuna a kuma biya ta da daraja. Shekara ɗaya bayan haka, a 1989, tsarin kason fitarwa na yarjejeniyar gahawa ta duniya ya rushe. Wannan tsari shi ne yake ƙayyade wa kowace ƙasa adadin buhunan da za ta fitar, don kada kasuwa ta cika farashi ya faɗi. Da ya rushe sai farashi ya zama kamar ruwan gulbi, yau ya cika gobe ya janye. A 2001 labar gahawar arabika ta faɗo ƙasa da senti 50 a kasuwar New York. A 2019 ta sake sauka ƙasa da dala ɗaya. A farkon 2025 kuwa ta haura dala 4. Itacen gahawa yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara ba da ƴaƴa, saboda haka manomin da ya dasa lokacin tsada sau da yawa yakan yi girbin farko lokacin araha. Wannan ciwo ne tambarin adalci ya zo yi wa magani.

Alkawarinsa a rubuce yake, kuma kowa na iya karantawa. Na farko, akwai mafi ƙarancin farashi. Daga 2011 an tsayar da shi a dala 1.40 kan kowace laba ta wankakkiyar arabika, sannan daga watan Agusta na 2023 aka ɗaga shi zuwa dala 1.80. Idan kasuwa ta faɗi ƙasa da haka, mai saye zai biya wannan adadi. Idan ta haura, zai biya farashin kasuwa. Na biyu, akwai kuɗin ƙari na senti 20 kan kowace laba, wanda ba a ba manomi a hannunsa, ƙungiyarsa ake ba, membobi su yi taro su yanke abin da za a yi da shi, ko rijiya ko aji ko gyaran hanya ko sabbin dashe. Na uku, gahawar da aka noma ba da takin zamani da maganin feshi ba, kuma tana da shaidar haka, tana da nata ƙarin, wanda aka ɗaga zuwa senti 40 a 2023. Bayan waɗannan akwai sharuɗɗa: dole manoma su kasance cikin ƙungiyar gama-kai da ke zaɓen shugabanninta, an hana bautar da yara, an hana wasu magungunan feshi masu haɗari. Wata hukuma mai suna FLOCERT ke aika masu bincike su duba littattafai da gonaki.

Ba ƙaramin abu ba ne wannan. A shekarar da kasuwa ta karye, ƙungiyar da ke da kwangila a kan wannan farashi tana da abin jingina, kuma banki ya fi sakin jiki ya ba ta rance idan ta nuna takardar. Ni dai ba na cikin masu cewa tambarin yaudara ce. Abin da nake cewa shi ne a karanta alkawarin da idon ɗan kasuwa, a yi masa tambayoyi uku: a ina ake biyan wannan farashi, kan kashi nawa na amfanin gona, kuma wa ya tsinko ƴaƴan?

Tambaya ta farko ita ce mafi muhimmanci, kuma ita ce aka fi mantawa. Dala 1.80 ɗin nan farashin bakin jirgi ne, wanda ake rubutawa da haruffa FOB a takardun kwangila. Ma'anarsa kuɗin da ake biya kan ƙwayar gahawa busasshiya, ɓararriya, tsintacciya, a cikin buhu, bayan an loda ta a jirgin ruwa. Abin da manomi ke sayarwa kuwa wani abu ne daban. Mu ɗauki kudancin Habasha, yankunan Sidama da Yirgacheffe, inda akasarin manoma ke da ƴar gona da ba ta kai hekta ɗaya ba a bayan gida. Daga wajen Oktoba zuwa Janairu ake tsinkar jajayen ƴaƴan da hannu, a kai su wurin wanki na ƙungiya a ranar, domin idan suka kwana sai su fara ruɓewa. A can inji ke cire ɓawon waje, a jiƙa ƙwayar cikin kwarami har yauƙin jikinta ya saki, a wanke, a shanya a kan gadajen raga na kwanaki har laimarta ta sauko wajen kashi 11 cikin ɗari. Daga nan a kai ta Addis Ababa a ɓare ɓawon ciki, a tsince marasa kyau, a zuba a buhunan kilo 60. Da yake Habasha ba ta da gaɓar teku, sai motoci su ɗauka zuwa tashar jiragen ruwa ta Jibuti.

Yanzu mu yi lissafi. Kilo ɗaya laba biyu ne da ɗan ɗoriya, saboda haka dala 1.80 kan laba ta kama kusan dala 4 kan kilo. Ana bukatar ɗanyun ƴaƴa kilo 5 zuwa 6 kafin a samu kilo ɗaya na ƙwayar da za a fitar. Idan muka raba dala 4 gida shida, kowane kilo na ƴaƴan da manomi ya ɗauko a kai ya tashi a wajen senti 66. Wannan kuwa kafin a cire ko sisi. Daga cikinsa za a biya ma'aikatan wurin wanki, da man inji, da matan da ke tsinta, da buhu, da kuɗin mota har Jibuti, da kuɗin ruwan bashin da ƙungiya ta ciyo don ta biya manoma hannu da hannu lokacin kaka, da albashin ofis, da kuɗin masu binciken da suka zo tabbatar da tambarin, domin ƙungiya ce ke biyansu. Abin da ya rage shi ne na manomi. Yakan karɓi kaso na farko ranar da ya kawo kaya, na biyu kuma sai bayan watanni, idan an rufe lissafi an ga riba. A ƙungiya mai riƙon amana wannan kaso na biyu abin kirki ne. A ƙungiyar da bashi ya yi wa katutu, ko shugabanninta suka mai da ita gonarsu, yana iya zama labari. Tambarin ya tabbatar da abin da ya shiga asusun ƙungiya, bai ƙayyade wani adadi da dole ya shiga aljihun kowane manomi ba.

Idan muka juya ɗaya ɓangaren, na mai sha, lissafin ya fi ban mamaki. Gahawa tana rasa kashi 15 zuwa 20 na nauyinta wajen suya. Ƙunshi mai giram 250 ya ci ɗanyar ƙwaya wajen giram 300, wato kashi biyu cikin uku na laba. A farashin adalci kuɗinta wajen dala 1.20 ne, kuɗin ƙarin kuma senti 13. Kofi ɗaya da aka haɗa da giram 15 bai ɗauki ko senti ɗaya cikakke na kuɗin ƙarin ba. Saboda haka idan kanti ya ɗora wa ƙunshi mai tambari dala biyu fiye da maras tambari, babu wata ƙa'ida da ta ce dala biyun nan su koma gona. Ƙa'idar ta tsaya a bakin jirgi. Abin da ya biyo baya tsakanin mai suya da mai kanti ne.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa. Samun takardar shaida izini ne na sayarwa a kan sharuɗɗan adalci, amma babu wanda aka tilasta wa saye. Gahawar da ke da shaida ta fi wadda masu saye ke nema da tambarin yawa nesa ba kusa ba, har alƙaluman ƙungiyar Fairtrade da kanta sun sha nuna cewa abin da ake sayarwa a kan sharuɗɗanta bai kai rabin abin da manomanta ke nomawa ba. Sauran yana shiga kasuwa kamar kowace gahawa. Mu ƙaddara wata ƙungiya, a matsayin misali kawai, ta samu buhu 100 a shekarar 2019, lokacin da kasuwa ke wajen dala ɗaya, mafi ƙarancin farashi kuma dala 1.40. Ta samu mai sayen buhu 30 a kan adalci, 70 suka tafi a farashin kasuwa. Idan aka haɗa aka raba, kowace laba ta tashi a dala 1.12. Kuɗin ƙarin ma, idan aka baza shi kan dukan amfanin, senti 6 ne maimakon 20. Amma kuɗin shaida da wahalar cika sharuɗɗa sun hau kan buhu ɗarin duka. Masana tattalin arziki uku, Alain de Janvry da Craig McIntosh da Elisabeth Sadoulet, sun bi littattafan ƙungiyoyin manoma a Amurka ta Tsakiya, suka nuna cewa duk sa'ad da tambarin ya yi riba sai ƙarin ƙungiyoyi su nemi shaida, kason kowa ya ragu, har ribar ta kusa narkewa cikin kuɗin shaidar. Tuwo ne wanda bai ƙaru ba, hannuwa kuwa sai ƙaruwa suke yi.

Akwai kuma abin da tsayayyen farashi ke yi wa inganci. Manomi ko ƙungiya mai buhu biyu, ɗaya mai kyau ƙwarai ɗaya matsakaici, za ta yi abin da kowane ɗan kasuwa zai yi idan kasuwa ta faɗi: mai kyan ta kai wa wanda ke biyan inganci, matsakaicin ta ba wanda zai biya tsayayyen farashi ko yaya ɗanɗanon yake. Idan kasuwa ta yi sama kuma, kamar a 2025, mafi ƙarancin farashin ba ya aiki sam, sai matsalar ta juya. Ƴan kasuwa masu zaman kansu su zo bakin gona da kuɗi a hannu, manomin da ke da bukata yau ya sayar musu a ɓoye, ƙungiya ta kasa cika kwangilar da ta sa wa hannu. Ba zan ga laifinsa ba. Wanda ɗansa ke kwance ba ya jiran kaso na biyu.

Tambaya ta uku ita ce ta fi taɓa zuciyata. Muna cewa "ƙaramin manomi" sai mu hango mutumin da ya fi kowa talauci a karkara, alhali akwai wanda ke ƙasa da shi, wato ɗan ƙwadagon da ba shi da ko itace ɗaya, yana tsinka a gonar wani ko yana juya ƙwaya a kan gadon shanya. Ba shi da ƙuri'a a taron ƙungiya, domin membobi masu gona ne. A 2014 wasu masu bincike na makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, ƙarƙashin Christopher Cramer, suka fitar da sakamakon aikin shekara huɗu a Habasha da Yuganda, kan gahawa da shayi da furanni. Sun gano cewa a wuraren da ke da shaidar adalci ladan ƴan ƙwadago bai fi na sauran wurare ba, sau da yawa ma ya gaza. Ƙungiyar Fairtrade ta mai da martani cewa an gwada ƙananan gonaki da manya masu ƙarfin biya, masu binciken kuma suka ce sun yi la'akari da girman gona. Ko ta wane ɓangare mutum ya tsaya, abu ɗaya bai da gardama: an gina tsarin ne don mai gona, kuma mai binciken da ke zuwa na ƴan kwanaki ba zai iya bin kowace gonar bayan gida ya ga nawa aka biya matar da ta wuni tana tsinka ba. A nan ne karin maganar kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi ke iya samun wurin zama, ko da gardin shi ma talaka ne.

Daga cikin waɗannan giɓoɓi, musamman na inganci, cinikin kai tsaye ya fito. A farkon shekarun 2000 wasu ƙananan kamfanonin suya a Amurka, irin su Intelligentsia a Chicago da Stumptown a Portland da Counter Culture a Durham, suka fara tura masu sayensu gonaki da kansu. Hujjarsu mai sauƙi ce. Manomi ba ya bukatar tausayi, yana bukatar a biya shi gwargwadon kyan abin da ya noma. A wannan kasuwa ana ɗanɗana gahawa a ba ta maki cikin ɗari, wadda ta kai 80 ita ake kira ta musamman, kuma kowane maki a sama da haka kuɗi ne. Mai suya zai zo, ya ɗanɗana, ya gaya wa manomi cewa tsinkar nunannu kaɗai da shanya a hankali za su ƙara masa maki biyu ko uku, ya yi alkawarin dawowa baɗi. Inda abin ya yi kyau, farashin yakan ninka na adalci, sunan manomi ya fito a jikin ƙunshi, wasu masu sayen su san shi su zo nema. Wannan daraja ce da tsarin gama-kai, mai zuba gahawar ɗaruruwan mutane a kwarami ɗaya, ba ya iya bayarwa cikin sauƙi.

Sai dai kalmar ba ta da mai ita. Babu hukumar da ta fayyace ma'anarta, babu mai bincike daga waje, babu mafi ƙarancin farashi sai wanda kamfani ya ga dama ya sa wa kansa. Wanda ya shekara goma yana sayen amfanin gona ɗaya yana iya rubuta ta, wanda ya je sau ɗaya ya ɗauki hoto da manomi shi ma yana iya rubuta ta, kuma a kan kanta ba za ka bambanta su ba. Tambarin adalci shaida ce ta mutum na uku, ko da shaidar ba ta ga komai ba. Cinikin kai tsaye kuwa mai kaya ne ke yabon kayansa.

Kalmar "kai tsaye" ɗin ma tana bukatar awo. Kwantena ɗaya tana ɗaukar buhu wajen 300, tan 18 zuwa 19. Manomin Yirgacheffe mai rabin hekta ƴan buhuna kaɗan yake samu a shekara, ba shi da injin wanki, ba shi da lasisin fitar da kaya, ba ya jin harshen mai saye. Dole wani ya wanke, wani ya ɓare, wani ya yi takardu, wani ya biya kuɗi watanni kafin kaya su isa, wani ya ajiye su a sito a can. Dillalan nan suna nan, aikinsu kuma na gaske ne, sunansu ne kawai ba ya fitowa a jikin ƙunshi. Sau da yawa idan aka ce an yi ciniki kai tsaye a Habasha, da mai wurin wanki aka yi shi, mutumin da ke sayen ɗanyun ƴaƴa daga ɗaruruwan maƙwabta a farashin ranar. Ko tsadar da aka biya shi ta gangara zuwa gare su, wannan ya rage ga halinsa da kuma gasar da ke tsakaninsa da sauran masu wanki a yankin. Shi ya sa tsarin ya fi yi wa manomi mai ɗan ƙarfi daɗi, mai gona babba a tudu mai kyau, mai waya da ɗan ilimi. Wanda gonarsa ke kwari, gahawarsa ba za ta taɓa kai maki 85 ba komai ƙoƙarinsa, babu mai hawa jirgin sama don ya zo wurinsa.

Matsalar kashi ma tana nan, da wata riga. Mai suya yana zaɓen buhu biyar mafi kyau cikin hamsin ya biya su da tsada, kuma wannan farashi shi yake bugawa a tallarsa. Sauran arba'in da biyar, waɗanda aka tsame musu na kirki, sai manomi ya nema musu kasuwa. Ga kuma kuɗin da ya ƙara kashewa, domin tsinkar nunannu kaɗai na nufin a zaga gona sau da yawa, a biya ƴan ƙwadago ƙarin kwanaki. Idan ruwa ya sauka lokacin shanya, ko cutar tsatsar ganye ta shiga gona, maki ya faɗi, babu rubutacciyar ƙa'ida da ta hana mai saye ya ce bana sai haƙuri. Nagari cikinsu sukan saya duk da haka. Amma wannan kirki ne na mutum, ba haƙƙi ba ne da manomi zai kai ƙara a kansa.

To, yaya mai saye ko mai nazari zai gane na gaske? A ganina hanya ita ce a bar sifa a nemi adadi. Kamfanin da ke da gaskiya a cinikin kai tsaye yakan wallafa nawa ya biya, ya faɗi ko farashin bakin jirgi ne ko na bakin gona, ya faɗi buhu nawa ya saya, da shekara nawa ya yi yana saye a wurin, da kashi nawa na dukan gahawarsa ya bi wannan hanya. Idan ya ba da farashin bakin gona, a duba ko na ɗanyun ƴaƴa ne ko na busasshiyar ƙwaya, domin mun ga tazarar ta kai ninki biyar zuwa shida, kuma wanda bai lura ba zai gwada abin da ba ya gwaduwa. Idan ba ka ga komai ba sai hoton dattijo yana murmushi da kwando a hannu, to hoto ka saya. A ɓangaren adalci kuwa, a duba wane tambari ne, domin suna kama da juna. A ƙarshen 2011 reshen Amurka, wato Fair Trade USA, ya ɓalle, ya fara ba manyan gonakin gahawa shaida, alhali uwar ƙungiyar da ke Bonn ta tsaya kan ƙungiyoyin ƙananan manoma. Tambarin kwaɗo na Rainforest Alliance kuma ya fi karkata ga kare daji da tsarin noma, ba ya tsayar da mafi ƙarancin farashi.

Idan aka ce in zaɓa, sai in ce ya danganta da manomin da ake magana a kai. Ga mai gahawa matsakaiciya a ƙauye mai nisa, ƙungiya mai amana da tsayayyen farashi sun fi masa amfani, domin abin da ke kashe shi shekarar faɗuwar kasuwa ce. Ga mai gahawa ta ƙwarai, mai saye ɗaya da ya san darajarta kuma yake dawowa ya fi masa kowane tambari. Akwai ma inda biyun ke haɗuwa, mai suya ya sayi gahawar ƙungiya mai shaida, ya ɗora kuɗin inganci a kan na ƙa'ida, ya kuma tambayi nawa aka biya a kaso na biyu. Ɗan ƙwadago ne kaɗai har yanzu babu tsarin da aka ɗinka daidai jikinsa.

Abin da dukansu biyu suka bari a waje ya fi ƙarfin tambari. Farashi kan laba rabin lissafi ne, ɗaya rabin shi ne laba nawa mutum ya noma. Iyalin da duk amfaninsu na shekara buhu biyar ne, wato laba 660, ko da dala 1.80 ɗin ta shiga hannunsu cif ba a cire komai ba, ba su kai dala 1,200 ba, kuma da ita za su ci, su sa yara a makaranta, su gyara gona har wata kakar. Ƙarancin ƙasa, da tsufan itatuwa, da sauyin damina, da kasancewar suya da ƙunshewa da sunan kamfani, inda ribar take, duk suna can ƙasashen masu sha, waɗannan ba abubuwa ba ne da hatimi a jikin leda zai warware. Duk da haka ban ga dalilin raina shi ba. Da babu gara ba daɗi, kuma ƙungiyar da ta tsallake 2019 saboda kwangilar dala 1.40 ta san abin da ta samu. Illa dai wanda ya ɗauki ƙunshin ya tuna cewa kalmar adalci a nan sunan wata ƙa'ida ce mai iyaka, ta farashi a bakin jirgi kan wani kaso na amfanin gona, kai tsaye kuma iƙirari ne da sai an nuna takardunsa kafin a karɓa.